Yadda za ka gane abin da manhajar hira ta AI ta adana a kanka, da abin da ba ta riƙe ba sam

Na kai kusan shekara biyu ina amfani da irin waɗannan manhajoji wajen lissafin aiki, musamman lissafin kayan gini, kuma na saita wa 'yan uwa da abokai nasu akawun ɗin sau da yawa. Kusan kowa da ruɗani ɗaya yake zuwa, wai tunda ta san sunansa da sana'arsa a sabuwar hira to ai tana tune da duk maganar da suka yi watan jiya. Ba haka ba ne fa. Sanin sunanka daban, riƙe tsohuwar hira daga farko har ƙarshe daban, kuma in ba ka raba su ba wata rana za ka sayi kaya a kan lissafin da ka riga ka canza. Zan yi misalan da ChatGPT saboda shi ne aka fi amfani da shi, amma tsarin kusan ɗaya ne a sauran.

Kayan da za ka tanada

Waya ko kwamfuta mai data, kwamfuta ta fi daɗi amma waya ma ta isa. Akawun ɗin da ka shiga da imel ɗinka, domin in ba ka shiga akawun ba babu abin da ake adana maka. Wurin rubutu da yake wajen manhajar, ko littafi da biro, ko manhajar rubutu ta waya, ko ma ka riƙa tura wa kanka saƙo a WhatsApp. Sai wata tsohuwar hira mai tsawo da ka san abin da ke cikinta sosai, da ita za mu yi gwaji. Minti 30 zuwa 40 sun isa a karon farko.

Mataki na 1: Ka san wurare huɗun da bayani yake fitowa

Bayanin nan kaɗan ne amma sai da shi. Ita manhajar duk lokacin da za ta fitar da amsa, abin da aka shimfiɗa mata a gabanta a wannan lokacin kawai take karantawa, kamar mai shago da ba ya duba komai sai takardun da ke kan teburinsa. Tambayar ita ce me ake ɗorawa a kan teburin.

Na ɗaya ita hirar da kake ciki yanzu, wannan ita ce take gani da kalmominta. Na biyu umarnin dindindin, wanda a sikirin ake rubutawa Custom instructions, ChatGPT ya fito da shi a watan Yulin 2023, rubutu ne da kai ka yi da hannunka ake liƙa shi a saman kowace sabuwar hira. Na uku abubuwan da aka adana, wato Saved memories, da aka fara gwajinsu a Fabrairun 2024, su kuma gajerun jimloli ne da manhajar take tsinta daga maganarka ta rubuta a wani jeri, jimla ɗaya ko biyu kan kowane abu. Na huɗu shi ne Reference chat history da aka ƙaro a Afrilun 2025, wanda yake ɗebo wasu abubuwa daga tsofaffin hirarraki, kuma shi ne ya fi ruɗa mutane don yana kama da tunawa ta gaskiya. Amma ɗiba ce, kamar ka aiki yaro sito ya kwaso maka 'yan takardun da yake ganin sun dace, ba duka kwalin yake ɗaukowa ba, su kansu masu manhajar sun bayyana cewa ba ya riƙe kowane bayani dalla-dalla.

Toh daga cikin huɗun nan na farko ne kawai yake ɗauke da hira da kalmominta, na biyu rubutunka ne da ka yi da hannunka, sauran biyun kuma taƙaitawa ce ko tsintuwa.

Mataki na 2: Buɗe umarnin dindindin ka gyara shi

Danna sunanka ko hotonka, ka shiga Settings, sannan Personalization, a nan za ka ga wurin Custom instructions. Sunayen kan ɗan sauya in an sabunta manhaja, don haka in ba ka gan shi da wannan sunan daidai ba ka duba duk abin da ke ƙarƙashin Personalization.

A nan abin da ba ya canzawa kawai ake sawa. Ga irin nawa:

```
Harshe: Hausa, lambobi da adadi.
Kuɗi: naira. Awo: mita, amma bulo da inci.
A nuna lissafi mataki-mataki kafin jimla.
In babu adadi a cikin hirar, a bar gurbinsa, kada a ƙiyasta.
```

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya mayar da wurin nan ma'ajiya, ya zuba farashin siminti da sunayen masu bin sa bashi da jadawalin sati. Wurin ƙarami ne, lokacin da aka fito da shi harafi 1,500 kowane akwati yake ɗauka, sannan duk abin da ka sa yana bin ka cikin kowace hira ko da ba ta shafi aikin ba, kuma ba ya sabunta kansa. Ka sa farashin buhu yau, bayan wata uku farashi ya tashi, shi yana nan yana shiga lissafinka da tsohon kuɗi kai kuma ka manta ka taɓa rubuta shi.

Mataki na 3: Karanta jerin abubuwan da aka adana, layi bayan layi

A cikin Personalization ɗin dai, nemi Memory ka danna Manage. Za ka ga jerin jimloli, ka karanta su duka kada ka yi sauri, domin wannan jerin shi ne ainihin abin da aka rubuta a kanka, kuma yawancin mutanen da na buɗe wa suna mamakin ƙanƙantarsa. Hirar da kuka shafe awa biyu kuna yi sai ka tarar layi ɗaya ta bari, wata ma ba ta bar komai ba.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni da wata manhaja da nake amfani da ita lokacin da nake haɗa lissafin ginin ɗaki biyu da falo na ƙanwar mahaifiyata. A farkon hirar na rubuta cewa duk ginin da bulo inci 6 za a yi. Bangon waje murabba'in mita 120 ne, na ciki 50, kuma bulo kusan 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya, don haka 1,200 da 500, jimla 1,700. Maginin da muke aiki da shi ya ce a hannunsa buhun siminti ɗaya yana jera inci 6 guda 70, inci 9 kuma guda 50, to 1,700 a raba da 70 ya ba mu buhu 25 na jeri. Can tsakiyar hirar, bayan kwana biyu, Inna ta kira ni ta ce ita dai bangon waje a yi mata shi da inci 9 saboda wataƙila yara su ɗora bene nan gaba. Na koma cikin hirar na gyara, 1,200 a raba da 50 buhu 24, sai 500 a raba da 70 ya kama buhu 8 in an cike, jimla 32.

Bayan sati uku na buɗe sabuwar hira don in fitar da jerin sayayya. Jerin ya fito tsaf, ya ambaci ɗaki biyu da falo, ya zo da Hausa da naira yadda nake so, sai na ji hankalina ya kwanta, amma bulon duka inci 6 ne. Da na buɗe jerin abubuwan da aka adana sai ga layi ɗaya tak, cewa ina gina ɗaki biyu da falo da bulo inci 6. Maganar farko ce ta shiga jerin, gyaran Inna yana can kwance a tsakiyar tsohuwar hira babu wanda ya ɗauko shi. Da na tura wa mai bulo wannan jerin da an sauke mana bulo 1,200 da ba su ne ake so ba, ga gibin buhu 7 na siminti, kuma kuɗin nan na dattijuwa ne da ta daɗe tana tarawa, abin ya tsaya min a rai sosai.

Don haka yayin da kake karanta naka jerin, abu uku za ka nema: wanda ya tsufa, wanda aka fahimta a karkace, da wanda ba naka ba ne. Na ukun yana yawan faruwa in kuna raba akawun ɗaya a gida, ko ka taɓa yi wa wani aiki, sai ka ga an rubuta cewa kai ɗalibin jinya ne alhali ƙanwarka ce ta yi aikin makaranta da wayarka. Duk wanda ba daidai ba ka danna alamar sharewa da ke gefensa. Sannan ka lura, in an adana sabon abu ana nuna wata 'yar sanarwa a cikin hirar cewa an sabunta Memory, in ka yi muhimmin gyara ba ka ga sanarwar nan ba to ka ɗauka tsohon bayani ne har yanzu a jerin, ka je ka duba da idonka.

Mataki na 4: Gwajin wuri uku

Wannan gwajin ne yake sa mutum ya gane abin da kansa. Ka ɗauki tsohuwar hirar da ka tanada, ka fitar da abu uku daga cikinta ka rubuta a littafinka: abu ɗaya babba kamar irin aikin da ake yi, adadi ɗaya da ke tsakiyar hirar, da kuma abu ɗaya da ka canza daga baya. Sai ka shirya gajeren aiki guda da ba zai yiwu ba sai da ukun nan, a wurina jerin sayayyar bulo da siminti ne, ka shigar da shi kalma a kalma iri ɗaya a wuri uku.

Wuri na farko cikin tsohuwar hirar kanta. Na biyu sabuwar hira ta yau da kullum. Na uku Temporary Chat, wadda ba ta amfani da abubuwan da aka adana kuma ba ta adana sabo, amma tana bin umarnin dindindin in a kunne yake. Yanzu ka jera sakamakon uku. Abin da ya bayyana a Temporary Chat, kamar harshe da naira da tsarin lissafi, daga umarninka ya fito. Abin da ya ƙaru a sabuwar hira daga jerin adanawa ne ko daga tsintuwar tsofaffin hirarraki. Abin da bai fito daidai ba sai a tsohuwar hira kaɗai, wannan shi ne abin da ba ya ƙetarawa, kuma a duk gwajin da na yi galibi adadin tsakiya ne da abin da aka canza.

Gargaɗi a nan, kada ka yarda da sakamako don kawai ya zo da tsari da ƙarfin gwiwa. In bayani ya ɓace irin waɗannan manhajoji kan cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, sai ka ga adadi mai kyan gani kamar 1,500 cif wanda kai ba ka taɓa rubutawa ba. Alamomin da nake dubawa su ne adadi ya zo a zagaye sumul, ko jerin matakai ya juye, ko shawarar farko ta dawo bayan an riga an soke ta. Kuma ko adadin ya fito daidai yau, ka maimaita gobe, domin tsintuwa ba ta da tabbas, abin da aka ɗebo yau ba lallai a ɗebo shi jibi ba.

Mataki na 5: In kana son ainihin maganar, koma inda take

Tsohuwar hira tana nan a jerin gefe muddin ba ka share ta ba. Yi amfani da Search chats, a kwamfuta Ctrl+K yana buɗe shi, ka rubuta kalma ɗaya da ka tabbatar tana ciki kamar inci ko sunan unguwa. In ka buɗe hirar, Ctrl+F na burauza zai kai ka layin, a waya kuma ka buɗe ta cikin Chrome ka yi amfani da Find in page. Mu masu rubuta Hausa akwai wani abu ƙarami da ke ba mu wahala, in da ƙofa ka rubuta ranar sannan yau ka nemi kofa ba lallai ta fito ba, don haka ka gwada da ƙugiya da kuma babu ƙugiya.

Amma ko cikin hira ɗaya akwai iyaka. Teburin nan da na ambata yana da faɗi, ana auna shi da gutsattsarin kalmomi, in hira ta yi tsawo fiye da shi sai farkonta ya zame ko a taƙaita shi, kai kana ganin rubutun a sikirin amma ita ba duka take karantawa ba. Hausa kuma ta fi Turanci cin wuri saboda kalmominmu ana yanka su gutsi-gutsi da yawa, shi ya sa hirar Hausa ta fi saurin cika. In ka ga an fara karya ƙa'idar da ka kafa tun farkon hira, ko ana dawo da abin da kuka riga kuka warware, to lokacin tashi ya yi, sai mataki na gaba.

Mataki na 6: Rubuta takardar miƙa aiki

Gaskiya wannan matakin shi ne ya gyara min aiki gaba ɗaya. Kafin ka bar kowace hira mai muhimmanci, ka rubuta gajeriyar takarda da hannunka ka ajiye ta a wajen manhajar, kamar yadda mai gadin dare yake bar wa na safe bayani. Ga tawa ta ginin Inna:

```
Aiki: ɗaki 2 da falo
Bangon waje: 120 m2, bulo inci 9, guda 1,200
Bangon ciki: 50 m2, bulo inci 6, guda 500
Simintin jeri: buhu 24 + 8 = 32
AN SOKE: inci 6 a bangon waje
Saura: rodi, katako, kwano
```

Layin nan na abin da aka soke shi ne mafi muhimmanci kada ka tsallake shi, domin shi ne yake rinjayar tsohon bayani in yana nan a jerin adanawa. Ka sa kwanan wata a sama. Duk sabuwar hira da za ka buɗe kan aikin, takardar nan ce abu na farko da za ka liƙa, daga nan bayanin yana kan tebur da kalmominka, ba sai an dogara da tsintuwa ba. In ka canza wani abu, a takardar za ka fara gyarawa kafin ko'ina.

Kuskure a nan shi ne a kwafo duk tsohuwar hira a liƙa. Yana cika teburi tun kafin a fara, kuma yana kawo tsohuwar shawara da sabuwa a haɗe, inci 6 da inci 9 duka a wuri ɗaya. In aikin mai tsawo ne na watanni, akwai Projects a ChatGPT da kuma Claude, wata manhajar hira irinsa, inda za ka ɗora fayil da umarni na wannan aikin kaɗai, sai ka ɗora takardar a can, amma in ka sabunta ta ka cire tsohuwar. In akawun ɗinka ba shi da wannan, ko ba ka da Memory kwata-kwata, ba ka rasa komai ba, liƙa takarda yana aiki a kowace manhaja.

Mataki na 7: Sauke kwafin hirarrakinka

Shiga Settings, sai Data controls, sai Export data. Za a turo maka imel da mahaɗi, kuma mahaɗin yana mutuwa bayan awa 24 don haka kada ka bari ya kwana. Fayil ɗin zip ne, a ciki akwai chat.html da za ka buɗe a burauza ka karanta, da conversations.json. Wannan shi ne cikakken tarihin da kalmominsa. In data ta yi maka ƙaranci ka jira sai ka samu wayfai, domin in kana yawan tura hotuna fayil ɗin kan yi nauyi. Ni duk ƙarshen wata nake saukewa.

Mataki na 8: Sharewa wuri biyu ake yi

Mutane da yawa suna share hira su ɗauka shikenan bayanin ya tafi. Share hira ba ya share layin da aka riga aka rubuta a jerin adanawa, haka kuma share layin ba ya share hirar, kuma in hirar tana nan ana iya sake tsinto abin daga cikinta. Don haka in akwai abin da ba ka so ya sake bayyana, kamar maganar rashin lafiya ko bashi ko rikicin gida, ka share shi a Manage sannan ka nemo hirar da ka faɗe shi ka share ta, ka kuma leƙa umarnin dindindin ko ka taɓa sa shi can. Archive ba sharewa ba ne, ɓoyewa ce kawai daga jerin gefe. Nan gaba in za ka yi irin wannan magana, ko wani zai ari wayarka ya yi aikinsa, ka buɗe Temporary Chat tun daga farko, sai dai ka tuna ita ba ta shiga jerin gefe, duk abin da kake so daga cikinta ka kwafe shi zuwa littafinka kafin ka rufe.